Ruwa, Abinci, Barci da Damuwa: Wanne Ne Yake Taɓa Fata?

Bayan ƙaramar Sallah ta bara, ɗan yayana mai shekara 16 ya dawo madarasa da takunkumi a fuska, ba don mura ba. Da na ja shi gefe ya sauke, sai na ga ƙuraje sun cika masa goshi da kumatu, wasu sun bar baƙin tabo. Ya ce mini, "Baffa, Umma ta hana ni gyaɗa da mai, tana ɗura mini ruwa gora uku a wuni, amma kullum ƙaruwa suke yi." Wata maƙwabciyarsu a Misfala har ta yi alkawarin kawo masa haɗaɗɗen man shafawa marar suna. Da yake kimiyya nake koyarwa, na ɗauki alkawarin duba abin da bincike ya tabbatar kafin a shafa masa komai. Ga abin da na samu, da yadda muka yi aiki da shi.

Sai mun fara sanin yadda ƙurjin fuska yake fitowa. A gindin kowane gashi akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Idan yaro ya balaga, sinadaran balaga suna sa jakar ta ƙara yawan maiƙon. Maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar, ƙwayoyin cuta da dama suke zaune a wurin su yawaita, sai wurin ya kumbura ya yi ja. Tushen abin ke nan, kuma gado yana da hannu sosai a ciki. Abinci da barci da damuwa suna iya ƙara shi ko su rage shi, amma ba su ne suka haife shi ba. Haka kuma ba ƙazanta ba ce, shi ya sa yawan dirza fuska da soso yake ƙara ɓata ta.

Na fara da ruwa, tunda shi ne maganin da kowa yake bayarwa, sai na tarar hujjarsa ce ta fi rauni. A shekarar 2002 wani masanin aikin ƙoda a Amurka, Heinz Valtin, ya bi diddigin maganar nan ta "kofi takwas a rana" bai samu binciken da ya kafa ta ba. A 2015 an gwada mata 49 a birnin Lisbon, aka ƙara musu lita 2 na ruwa kullum tsawon wata guda. Damshin fata ya ƙaru, amma galibi ga waɗanda dama ba sa shan ruwa sosai. Ba a kan ƙuraje aka yi gwajin ba. Dalilin a fili yake: idan jiki ya ƙoshi da ruwa, ƙoda ce take fitar da ragowar ta fitsari, ba ya zuwa ya wanke ƙofofin gashi. Bushewar fata kuma yawanci daga waje take, wato ruwa yana tsira ta saman fata saboda sanyin na'ura da sabulu mai kaifi, kuma man shafawa ne yake tare shi.

Kada wani ya fahimce ni da cewa a rage shan ruwa. A garin nan zafin bazara yana wuce digiri 45, kuma a aikin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Harami, alhazai fiye da 1,300 suka rasu, da yawansu saboda zafi. Muna shan ruwa don rai da ƙoda. Ma'auni mai sauƙi shi ne launin fitsari: idan ruwan ɗorawa ne mai haske, ruwan ya isa, idan ya yi duhu a ƙara.

Abinci yana da hujja da ta fi ta ruwa ƙarfi, sai dai ba a inda iyayenmu suke zato ba. Ban ga gwaji mai ƙwari da ya kama gyaɗa ko man girki da laifi ba. Abin da aka fi kamawa shi ne abincin da yake ɗaga sukarin jini da sauri, kamar farin burodi, lemon kwalba, kayan zaƙi da shayi mai sukari da yawa. Sukari idan ya hau, jiki yana sakin insulin, shi kuma insulin yana zuga sinadaran da suke ƙara maiƙo. A 2007 masu bincike a Ostireliya sun raba samari 43 'yan shekara 15 zuwa 25 gida biyu. Kashi ɗaya aka ba su abincin da ba ya ɗaga sukari da sauri, ɗayan suka ci irin na yau da kullum. Bayan mako 12, ƙurajen kashin farko sun ragu da kusan 23 ga kowane mutum, na kashi na biyu da 12. Ku lura da abu uku: mutanen ba su da yawa, ƙurajen raguwa suka yi ba ɓacewa ba, kuma 'yan kashin farko sun rage ƙiba, don haka ba a iya cewa abincin ne kaɗai ya yi aikin.

Madara kuma maganarta tana tsakiya. A 2005 wani likita ɗan Najeriya, Clement Adebamowo, da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun tambayi mata fiye da 47,000 abin da suke ci lokacin suna sakandare. Waɗanda suka fi shan madara, musamman wadda aka cire wa kitse, sun fi ba da labarin ƙuraje masu tsanani. Amma wannan tambaya ce a kan abin da ya wuce da shekaru, ba gwaji ba. Ya nuna abu biyu suna tafiya tare, bai nuna ɗaya ne ya jawo ɗayan ba. Saboda haka ban ba da shawarar a hana yaro mai girma madara ba, don ƙashinsa yana buƙatarta.

Damuwa ma tana da hujja. A 2003 an bibiyi ɗalibai 22 a Jami'ar Stanford, aka ga ƙurajensu suna tsananta lokacin jarrabawa, gwargwadon yadda damuwarsu ta ƙaru. Binciken da ya fi burge ni shi ne na 1995 a jihar Ohayo. An yi wa mata 13 masu jinyar 'yan uwansu da suka kamu da ciwon mantuwa ɗan ƙaramin rauni a hannu, aka yi irinsa ga wasu 13 da ba sa jinyar kowa. Raunin masu jinya ya ɗauki kusan kwana 49 kafin ya warke, na sauran kusan kwana 39. Kwana tara zuwa goma ke nan na bambanci a rauni iri ɗaya. Sinadarin damuwa, wato kotisol, yana rage wa jiki saurin gyara kansa. Akwai kuma hanya ta kusa da kowane malami ya sani: ɗalibin da hankalinsa ya tashi hannunsa ba ya barin fuskarsa, yana matsa yana ɓantara, kuma a fata irin tamu duk ƙurjin da aka matse yakan bar baƙin tabo na watanni.

Barci shi ne na huɗu, hujjarsa matsakaiciya ce. A 2015 an gwada mata 60 a birnin Cleveland, aka ɗan kankare saman fatarsu da salatef, aka auna yadda take komawa daidai. Bayan kwana uku, fatar masu isasshen barci ta fi ta masu ƙarancinsa farfaɗowa da kashi 30 cikin ɗari. Amma kamfanin kayan kwalliya ne ya biya kuɗin binciken, kuma ba a kan ƙuraje aka yi shi ba. Abin da likitoci suka yarda da shi shi ne matashi ɗan 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma rashin barci yana ƙara damuwa da kwaɗayin zaƙi. Ta nan yake haɗuwa da sauran biyun.

Da na gama, na je gidan yayana na ce wa matarsa, "Yaya, ki ba ni wata uku, amma kada man nan ya shigo gidan." Irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa akwai kotison a ciki, wanda yake kwantar da ja na 'yan kwanaki, daga baya ya sirantar da fata ya fito da sababbin ƙuraje. Muka sa yaron ya rubuta abin da yake ci da lokacin kwanciyarsa na mako guda. Takardar ta nuna lemon kwalba biyu kullum, shayi kofi huɗu kowanne da sukari cokali uku, ma'asub da zuma da safe, lugaimat ko basbusa da dare. Barcinsa kuma bai dawo daidai ba tun Ramadan: yana kwanciya ƙarfe biyu na dare, ya tashi Asuba, awa uku zuwa huɗu, sai ya rama da rana. Ga jarrabawar ƙarshen shekara tana tafe.

Abu huɗu muka canza. Lemon kwalba ya koma ranar Juma'a kaɗai, sukarin shayi ya koma cokali ɗaya. Karin safe ya koma ful da ƙwai da rabin tamis. Waya tana kwana a ɗakin mahaifiyarsa, shi kuma ya kwanta awa ɗaya bayan Isha, da ɗan ƙailula bayan Azahar. Fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi, babu soso, babu matsa. Gyaɗarsa aka mayar masa, ruwa kuma ya sha gwargwadon ƙishi da zafi. Kowace Juma'a muna ɗaukar hoton fuskarsa a bakin taga ɗaya mu ƙirga jajayen ƙurajen, domin ido yana mantuwa.

Makon farko mun ƙirga 31. A mako na huɗu 28, har ya ce mini, "Baffa, wannan ba ya aiki." Na ce masa toshewar da ta zama ƙurjin yau ta fara ne makonni da suka wuce, shi ya sa ko maganin likita sai ya yi mako 6 zuwa 8 ake ganin amfaninsa. A mako na takwas sun koma 19. Amma wasu manya guda uku a haɓarsa, masu zurfi da zafi, ba su motsa ba, sai muka kai shi wurin likitan fata, ya rubuta masa man benzoyil feroksayid da wani na dare. A mako na 12 saura 9, ya ajiye takunkumin. Gaskiya ba zan iya raba muku rabon kowanne ba, domin a cikin watannin nan jarrabawa ta wuce, magani ma ya shigo. Yaro ɗaya ba hujja ba ne, misali ne kawai na yadda ake gwadawa da haƙuri.

Ga duk mai irin wannan a gida, akwai alamomin da ba a jira musu wata uku: ƙuraje manya masu ciwo a ƙarƙashin fata, waɗanda suke barin rami, waɗanda suka bazu a baya da ƙirji, ko yarinya da ƙurajen suka zo mata tare da rikicewar al'ada da gashi a haɓa. Haka nan idan yaro ya fara ƙin fita ko ƙin zuwa aji saboda fuskarsa. Waɗannan a kai su wurin likita tun da wuri, domin ramin da ƙurji ya bari ba ya cikewa da gyaran abinci. Allah ya ƙara mana lafiya, ya raya mana zuriya.