Daga "Hmm" Zuwa "To": Yadda Za Ka Farfaɗo da Hirar WhatsApp Idan An Fara Amsa Maka a Daƙile

Kun haɗu a gurup ɗin masoya Labarina, kuka yi musu mai daɗi, hira ta koma tsakaninku ku biyu. Makon farko sai cajin waya ne kawai ke raba ku. Shiga mako na uku ke da wuya, ka rubuta layi biyar, amsa ta zo "hmm". Ka ƙara, aka ce "eh". Ka sake ƙarawa, aka ce "to". Duk mai cattin ya san wannan "to" ɗin, kuma ya san yadda take sa gaba ya faɗi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Matsalar WhatsApp ita ce babu fuskar da za ka tambaya, sai haruffa uku da alamar an karanta. Shi ya sa da yawanmu ke yin kuskuren fassara, mu ɗauki matakin da zai ƙarasa kashe hirar. Zan yi magana da "kai" ne don sauƙi, amma 'yan'uwa mata, ku ma da ku nake.

Fara duba abin da kai ka tura

Kafin ka zargi kowa, koma sama ka karanta saƙonninka goma na ƙarshe. Idan ka tarar da "ya kike", "ya gida", "ya su Mama", "kin ci abinci", "me kike yi", to ka gano rabin ciwon. Waɗannan duk gaisuwa ce, kuma gaisuwar Bahaushe da amsarta take tafe. Ko mutum na kwance ba lafiya, ka ce masa "ya jiki" zai ce "da sauƙi". Ka ce "ya gida", ba abin da zai ce sai "lafiya lau", a cattin ma a gajarce ta zuwa "lfy". Ba wulaƙanci ba ne, amsar ke nan da aka koya mana tun muna yara.

A zahiri gaisuwa ƙofa ce, ana wucewa ta cikinta a zauna a yi zance. A waya kuwa sai mu tsaya a bakin ƙofar muna ta sallama safe, rana da dare. Wanda aka yi wa tambaya biyar a jere ba tare da an ba shi labari ko ɗaya ba, ji yake kamar yana gaban ɗan sanda. Ka'idar mai sauƙi ce: gaisuwa ɗaya, sannan ka ajiye wani abu da mutum zai iya kamawa.

Gajeriyar amsa iri uku ce

Ba kowane "to" ne ke da ma'ana ɗaya ba, kuma kowane da maganinsa.

Na farko hali ne. Akwai mutanen da rubutu ba ya musu daɗi. Tun ranar farko haka suke, amma ka kira su ko ku haɗu, sai ka gaji da surutunsu. Yadda za ka gane shi ne ka koma farkon hirarku. Idan tun can ma amsar layi ɗaya ce, babu abin da ya canza, kai ne dai ka fara lura yanzu.

Na biyu hidima ce: jarrabawa, aikin gida, shago, biki, ƙarancin data ko rashin wuta. Alamarsa ita ce amsa gajere ce amma da ɗumi a cikinta, kamar "wlh ina kicin, zan dawo", kuma an dawo ɗin. Mai hidima yakan biya bashin hira daga baya.

Na uku janyewa ne. Da can ana rubuto maka layi huɗu har da dariya, yanzu kalma ɗaya. An daina mayar maka da tambaya, ko "kai fa?" babu. An daina fara yi maka magana. Wannan rashin mayar da tambaya ya fi tsawon amsa nuna gaskiyar lamari.

Kada kuma ka mai da alamomin allo hujja. Alama ɗaya mai ruwan toka na nufin saƙon ya bar wayarka amma bai isa tasa ba. Biyu masu ruwan toka, ya isa. Biyu shuɗɗa, an buɗe. Amma mutum na iya kashe Read receipts a cikin Privacy, ya karanta tsaf ba tare da sun yi shuɗi ba. Haka "online" na nufin WhatsApp ɗinsa a buɗe yake kawai, ƙila gurup ɗin ajinsu yake dubawa ko yana amsa wa yayarsa.

Mu ɗauki misali

Ga hirar wani saurayi da wata da suka haɗu a gurup ɗin fim, bayan abubuwa sun fara sanyi:

Shi: Slm, ya kike?
Ita: Lfy
Shi: Ya gida?
Ita: Lfy lau
Shi: Me kike yi?
Ita: Ba komai
Shi: Kina kallon Labarina har yanzu?
Ita: Eh

Tambaya huɗu, kuma babu wadda ke buƙatar fiye da kalma biyu. Ta ƙarshen ma da ta taɓo abin da ya haɗa su, "eh" ko "a'a" ce amsarta. Yanzu dubi yadda zai iya shigowa washegari da saƙo ɗaya tak:

Shi: Barka da yamma. Jiya na koma kallon Labarina daga farko. Ni fa har yau Sumayyar Nafisa Abdullahi ta fi zauna min a rai fiye da ta Fati Washa. Na san ba za ki yarda ba, faɗi hujjarki in ji.

Abu uku ya yi a nan. Ya fara ba da nasa kafin ya nemi nata. Ya ɗauki ɓangare a kan abin da masu kallon shirin suka daɗe suna musu a kai, tun da aka sauya jarumar da ke fitowa a matsayin Sumayya. Sannan ya bar mata gurbin da "eh" ba za ta cike ba. Mutum na iya yin kasalar amsa gaisuwa, amma da wuya ya ga an taɓa gwanarsa ya yi shiru.

A ce ta amsa: "Kai haba, Washa ta fi iya kuka wlh." Nan ne wurin da mutane ke ɓarar da damarsu, su ce "hhh haka ne" ko su yi tsalle zuwa wani zance. Kada ka yi haka. Ja saƙon nata zuwa dama don amsarka ta maƙale da shi, ka kama kalmar da ta fi nauyi a ciki, wato "kuka". Sai ka ce: "Kuka kam na ba ta. Amma wace fitowa ce ta sa ki ke ma kika share hawaye? Kar ki ce babu." Ka ga yanzu zancen ya tashi daga kan jaruma ya dawo kanta, kuma ita ta kawo kalmar da kanta.

Haka abin yake a waƙa. "Kina son waƙoƙin Hamisu Breaker?" amsarta "eh". Amma "idan aka ce waƙa ɗaya za a sa ranar bikinki, ta Breaker ko ta Umar M. Shareef?" dole mutum ya zaɓa, kuma wanda ya zaɓa yakan so ya kare zaɓinsa. Zaɓi tsakanin abu biyu ya fi tambaya mai faɗi irin "wane mawaƙi kika fi so" sauƙin amsawa, musamman ga wanda ya gaji.

Wasu ƙofofi biyu

Status ƙofa ce da mutum ya buɗe da kansa. Abin da ya ɗora yana nan awa 24, kuma shi ne abin da ke ransa a ranar. Idan ta ɗora guntun wata waƙa, kada ka tura hoton wuta ko zuciya kaɗai, don amsar wannan "na gode" ce. Faɗi wani abu takamaimai: inda ka fara jin waƙar, ko abin da kiɗan ya tuna maka. Amma ba kowane Status za ka tanka ba, sai ka zama kamar mai gadi.

Ga wanda rubutu ne ba ya so, gwada saƙon murya. Murya na ɗauke da dariya da zolaya waɗanda rubutu ke zubarwa. Ka tsaya a daƙiƙa 20 zuwa 30. Saƙon minti huɗu aiki ka ba mutum, sai ya nemi wurin da ba hayaniya, ƙarshenta ya sa shi a 2x ko ya ce "zan saurara" ya manta.

Abubuwan da ke ƙarasa kashe ta

"Kin share ni." "Na ga kina online." "Ko na yi laifi ne?" Alamar tambaya uku a jere. Duk waɗannan suna mai da hira shari'a, kuma wanda aka sa ya kare kansa yau, gobe zai ji nauyin buɗe saƙonka. Haka tura saƙo ka goge: "This message was deleted" na nan zaune yana ba da labarinka. Ramuwa ma ba ta aiki. Idan ta ce "to" kai ma ka ce "to" don ta ji yadda ka ji, kun binne hirar ku biyu.

Abin da ya fi shi ne ka riga hirar mutuwa. Da ka ga amsa ta fara gajarta, rufe da kanka cikin daɗi: "Bari in bar ki ki huta. Gobe zan gaya miki wanda ya fi ba ni haushi a shirin nan, za ki sha mamaki." Ka tafi da mutuncinka, ka kuma bar zaren da za a kama gobe.

Inda dabara ke ƙarewa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ka gyara salonka, ka gwada sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, amsa ba ta canza ba, ɗaga ƙafa na kwana biyu ko uku. Mai hidima zai neme ka. Idan mutumin na kusa da kai ne, ka tambaya sau ɗaya, ba da zargi ba: "Na ji ki shiru kwana biyu, ina fatan lafiya. Idan hidima ce ba komai, ina nan." Wani lokacin ma ba kai ne matsalar ba, wata damuwa ce ke cin mutum, kuma wannan saƙon zai fi masa duk wata hirar fim amfani.

In an ce "ba komai" aka ci gaba da "hmm", to shiru ma magana ce, ka karɓe ta. Kada ka bi da kira, kada ka canza lamba, kada ka tura abokinka ya tambayo maka. Koma gurup ɗin da kuka haɗu, ana can ana musu a kan fitowar wannan makon, kuma akwai masu jiran su ji ra'ayinka.