Albashi Da Abin Da Ke Bayansa: Jagora Ga Masu Ƙananan Sana'o'i A Abuja

Mai sana'a da yawa yakan ɗauka cewa in ya yanka wa ma'aikaci albashi, to, ya gama lissafi. Ba haka abin yake ba. Dokokin Tarayya sun ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata waɗansu kuɗaɗe da zai biya daga aljihunsa, ban da albashin. Domin a fahimta, sai a ɗauki misalin mai gidan burodi a Kubwa, wanda yake da ma'aikata 16, yana biyan kowannensu ₦100,000 a wata, watau ainihin albashi haɗe da kuɗin gida da na mota.

Kuɗin Fansho

Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba wa kowane ma'aikaci aƙalla kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu a wata. Shi kuma ma'aikacin ana cire kashi 8 daga albashinsa. Saboda haka mai gidan burodin zai ƙara ₦10,000 daga aljihunsa, ya cire ₦8,000 daga albashin, ya aika da ₦18,000 zuwa asusun fanshon ma'aikacin. Tilas ne a aika da kuɗin cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Wanda ya yi jinkiri, akwai tarar aƙalla kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe, a kowane wata. Hukumar PenCom ce take lura da wannan.

Inshora Iri Biyu

Ta farko ita ce ta diyyar rauni a wurin aiki. Bisa Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, mai sana'a yakan biya hukumar NSITF kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata. A misalin nan ₦1,000 ke nan kan kowane mutum, kuma doka ta hana a cire shi daga albashin ma'aikaci. In tanda ta ƙona mai gasa burodi, daga wannan asusu ake biyan diyya.

Ta biyu ita ce inshorar rai, wadda Dokar Fansho ta tanada. Abin da za a biya magada in ma'aikaci ya rasu bai kamata ya gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Albashin shekara a nan ₦1,200,000 ne, ninkinsa uku kuwa ₦3,600,000. Kamfanin inshora ne yake yanke kuɗin da za a riƙa biya, gwargwadon shekarun ma'aikata da hatsarin aikinsu. A ƙaddara ya nemi ₦18,000 a shekara, watau ₦1,500 a wata.

Kwanakin Hutu

Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwanakin aiki 6 da cikakken albashi. Ta kuma ba shi har kwana 12 a shekara na rashin lafiya, muddin likita ya ba da takardar shaida. Albashi ba ya ƙaruwa saboda hutu, amma tanda ba ta hutawa. Dole a ɗauki ɗan ƙwadago ya maye gurbin wanda ba ya nan. In aka raba ₦100,000 ga kwanakin aiki 26, ladan yini zai kama kimanin ₦3,850. Kwana 18 kuwa ₦69,300 ne, watau kimanin ₦5,800 a wata. Mai ma'aikata mata kuma ya tuna da hutun haihuwa na mako 12, wanda ake biyan aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 tana aiki.

Jimla

In aka tara ₦10,000 da ₦1,000 da ₦1,500 da ₦5,800, za a sami ₦18,300. Ashe ma'aikacin da aka yanka wa ₦100,000, a gaskiya ₦118,300 yake ci wa mai gidan burodin a wata. Ga ma'aikata 16, ƙarin ya kai ₦292,800. Inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta, ba ta cikin wannan lissafi. Sai a ƙara kuɗinta bisa tsarin da aka zaɓa. Kuɗin horar da ma'aikata na hukumar ITF kuwa, kashi 1 cikin 100, tun gyaran dokar 2023 yana kan masu ma'aikata 25 ko fiye ne, don haka bai hau kan wannan gida ba.

Abin Lura

Kada a gwama abin da ake ƙarawa da abin da ake cirewa. Harajin albashi da kashi 8 na fansho kuɗin ma'aikaci ne, amana ce a hannun maigida har ya kai su inda ya dace. Wanda ya ga ba ya iya biyan albashi sai ya taɓa waɗannan kuɗi, to, alama ce cewa lissafinsa ya karkace tun daga farko. Abin da ya fi shi ne, kafin a yi wa mutum alkawarin albashi, a ƙara kimanin kashi 20 cikin 100 a kai, a duba ko ciniki zai ɗauki nauyin, sa'an nan a riƙa ware ƙarin a asusu dabam a ranar biyan albashi.