RAGE MA'AIKATA: YADDA AKE GYARA TAKARDAR SANARWA KAFIN TA FITA

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati har yau ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma. Da yawa daga cikinsu a rediyo ko a jarida suka fara jin labari, tare da kalmar nan mai tsinka zuciya, wato nan take. Ko da yake wancan tankaɗe da rairaya ne, ba ragin ma'aikata saboda ƙarancin aiki ba, ya bar darasi ga duk mai riƙe da alƙalami a ofis: yadda aka faɗi magana yakan daɗe a zuciya fiye da maganar kanta.

A ɗauki misalin wani kamfanin sufuri mai direbobi talatin, wanda motocinsa suka ragu zuwa goma sha takwas, ya zama dole a rage mutum goma sha biyu. Jami'in kula da ma'aikata ya rubuta daftari kamar haka:

"Saboda taɓarɓarewar ciniki da rashin ƙwazon wasu ma'aikata, an dakatar da aikin waɗanda sunayensu ke ƙasa nan take. Za a biya kowa haƙƙinsa. Za a mayar da su idan al'amura suka gyaru."

Jimla uku ce kawai, amma kowace da ramin da kamfanin zai iya faɗawa.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, take kuma cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta bayyana ragin ma'aikata a sashe na 20 da cewa rasa aiki ne na dindindin, ba da son ma'aikaci ba, saboda ma'aikata sun yi wa aikin yawa. Ke nan babu maganar laifi a ciki. Da zarar an rubuta "rashin ƙwazo", takardar ta tashi daga sanarwar ragi ta koma tuhuma, ga shi kuwa ba a ba kowa takardar neman bahasi ba, ba a kuma saurari kowa ba. Direban da ya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da wannan takarda a hannunsa, kamfanin ne da kansa ya rubuta masa shaida. Saboda haka gyara na farko shi ne a soke wannan kalma, a faɗi dalili na gaskiya da alƙalumansa.

Sashen ya ɗora wa mai aiki abubuwa uku. Zai sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda ake sa ran zai shafa. Zai bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, a cikin rukunin da abin ya shafa, tare da la'akari da ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Zai kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen daidaitawa kan kuɗin sallama. Daftarin farko ya tsallake duka ukun, domin ya fito da sunaye tun ba a zauna da kowa ba.

Ƙa'idar nan ta biyu tana bukatar lura. Direba da direba ake gwadawa, ba direba da akawu ba. Idan kuma a cikin sababbin akwai wanda shi kaɗai ke da lasisin tuƙa babbar mota, ana iya barinsa a sallami wanda ya riga shi, amma sai an rubuta dalilin a fayil tun kafin a yanke shawara. Dalilin da aka nemo bayan an kai ƙara ba ya da nauyi.

Kalmar "nan take" kuwa ta ci karo da sashe na 11, wanda ya ƙayyade mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sai wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Ana iya biyan kuɗi a maimakon notis. Idan takardar ɗaukar aiki ko yarjejeniyar ƙungiya ta ba da fiye da haka, ita za a bi. Manyan jami'ai da ƙwararru ba su shiga ma'anar "ma'aikaci" a wannan doka ba; nasu yana ga yarjejeniyar aikinsu, ko ƙa'idojin aikin gwamnati.

SABON DAFTARI

Bayan gyara, sanarwar ta koma kamar haka:

"Muna baƙin cikin sanar da ku cewa kamfani yana shirin rage guraben direbobi daga talatin zuwa goma sha takwas, domin motocin da suka rage mana ke nan. Wannan ba hukunci ba ne a kan aikin kowa. Mun sanar da ƙungiyarku, za mu kuma zauna da wakilanta ranar Litinin kan hanyar zaɓe da kuɗin sallama. Za a bi tsawon shekarun aiki, tare da la'akari da ƙwarewa. Wanda abin ya shafa za a gana da shi shi kaɗai, a ba shi takarda mai ɗauke da ranar barin aiki da lissafin kuɗinsa dalla-dalla. Wanda yake ganin an yi kuskure a lissafin shekarunsa yana da mako ɗaya ya rubuto wa ofishin ma'aikata."

Mai karatu zai lura cewa labari marar daɗi yana cikin jimlar farko. Mutumin da abincinsa ke rawa ba ya bukatar dogon tarihin tattalin arziki kafin ya ji abin da ya shafe shi. An ce "yana shirin" domin ba a gama zama da ƙungiya ba. An kuma cire sunaye daga allon sanarwa, don kada magidanci ya ji labarin sallamarsa a bakin masinja.

Alkawarin mayar da su aiki ma an cire shi. Yana da daɗin ji, amma alkawari kaya ne. Yana hana mutum neman wani aikin, ana kuma iya riƙe kamfani da shi. Haka nan ba a ambaci adadin kuɗin sallama ba, domin sashe na 20 bai yanke adadi ba, sai abin da aka daidaita a kai.

A takardar kowane mutum ne za a warware kalmar "haƙƙi": albashi har ranar ƙarshe, kuɗin notis, kuɗin hutun da bai ci ba, da kuɗin sallama, kowanne da adadinsa da ranar biya. Direba mai shekara shida zai ga wata ɗaya a gurbin notis, mai shekara uku kuma mako biyu. Ya dace a tuna masa cewa Dokar Fensho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara hamsin ba, idan ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, damar cirar abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba.

Kafin manaja ya sa hannu, sai lauyan kamfani ya gwada daftarin da yarjejeniyar ƙungiya, sannan a karanta shi da idon direban da ya fi kowa ƙarancin karatu. Idan ya gane dalili, ya san ranar da zai ji matsayinsa, ya san nawa ne zai karɓa ko yaushe za a gaya masa, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, to takarda ta isa fita. In ɗaya ya ɓace, a mayar da ita teburin jami'i.