Tallafin Karatu na Chevening: Yadda Ɗalibin Yauri Zai Cike Fom Kafin Lokaci Ya Ƙure

Chevening shiri ne na gwamnatin Birtaniya da ke ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu na shekara ɗaya, har da kuɗin makaranta, na jirgi da na ɗawainiyar wata-wata. Matashin da ya gama digirin farko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta jiha da ke Aliero zai iya nema daga Yelwa, Ngaski ko Shanga. Abu biyu ne suka fi kayar da masu nema: lissafin awannin aiki da lokacin rufe shafi.

A zagayen 2025, an buɗe shafin ranar 5 ga Agusta, aka rufe ranar 7 ga Oktoba da ƙarfe 12:00 UTC. Agogon Najeriya yana gaban UTC da awa ɗaya, wato ƙarfe 1:00 na rana ke nan a Yauri. Wanda ya ɗauka yana da dama har tsakar dare zai tarar an riga an rufe. Ranakun kan sauya duk shekara, don haka a duba na bana a shafin hukuma, chevening.org/apply. Ba a biyan ko kwabo, duk wanda ya nemi kuɗin fom a WhatsApp ɗan damfara ne.

Sharaɗi na gaba shi ne aikin awa 2,800 bayan kammala digiri, kuma aikin sa-kai ma yana shiga lissafi. A ɗauki misalin malamin makaranta a Birnin Yauri da ke aikin awa 35 a mako. Idan ya yi mako 40, ya tara awa 1,400 ne kawai, rabin abin da ake buƙata. Sai ya cika mako 80 sannan ya kai. Gara ka yi wannan lissafi a takarda kafin ka buɗe fom.

A cikin fom ɗin za ka zaɓi kwasa-kwasai uku a jami'o'in Birtaniya, ka ba da sunayen mutum biyu da za su shaide ka, sannan ka amsa tambayoyi huɗu da Turanci: kan jagoranci, hulɗa da jama'a, dalilin zaɓen kwas, da shirinka bayan karatu. Tunda sabis kan yi rauni a ƙauyukan bakin tafkin Kainji, ka fara rubuta amsoshin a manhajar rubutu ta wayarka, sai ka kwafa zuwa shafin.

Da zarar ka danna Submit ba sauran gyara, don haka ka karanta sau biyu, ka tura aƙalla mako guda kafin ranar rufewa. Neman gurbi a jami'o'in kuwa aiki ne daban da za ka yi a shafin kowace jami'a. Wanda ya dace dole ya dawo Najeriya ya yi aƙalla shekara biyu bayan karatu.