Ranar da reshe ba ya jin hedikwata

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin banki ya san kalmar "babu sabis". Amma akwai wata katsewar da ba tsautsayi ba ce, shirya ta ake yi, har jami'in kula da bayanai ya rubuta wa manajojin rassa wasiƙa kwanaki kafin lokacin. A ganina wannan wasiƙa ta fi yawancin takardun ofis nauyi, domin kuɗin mutane ne a cikinta.

Mu ɗauki misalin ƙaramin bankin ajiya mai rassa shida. Kowane reshe yana da kwamfutar da ke riƙe da nata kwafin bayanan asusu. Lokaci-lokaci, a ce duk minti goma, sai ta tura wa babbar na'urar hedikwata abin da aka shigar, ta kuma karɓo abin da sauran rassa suka yi. Wannan kai da kawowar ita ce daidaita bayanai. Idan za a sauya babbar na'urar ko a sabunta manhajarta, dole a tsayar da ita, domin ba a kwashe bayanai zuwa sabon wuri alhali ana ta zuba wasu a tsohon.

Wasiƙar kirki takan fara da lokaci ƙarara: daga ƙarfe 6 na yammacin Juma'a zuwa ƙarfe 2 na ranar Asabar. Sai ta faɗi abin da manaja ya fi buƙatar ji, wato kwamfutar reshe ba za ta mutu ba. Kashiya zai karɓi ajiya, rasit zai fito. Kuma a nan haɗarin yake, domin abin da allo ke nunawa labarin yammacin Juma'a ne, ba na yanzu ba.

A ce wata mai sayar da atamfa tana da naira 50,000 a asusunta. Da safiyar Asabar ta ciri 40,000 a reshen kasuwa. Da hantsi ɗanta, wanda shi ma yake da izinin cira, ya je reshen unguwa bai san ta riga shi ba. Kwamfutar can har yanzu 50,000 take gani, sai a ƙirga masa 40,000. Da sabis ya dawo, asusun ya nuna bashin 30,000, kuma babu wanda ya yi niyyar cuta. Shi ya sa jami'in kan rubuta cewa a wannan tsakanin kowa ya ciri kuɗi a reshen da ya buɗe asusu kaɗai, a kuma dakatar da tura kuɗi tsakanin rassa. Manajan da ya fahimci dalilin zai iya ba abokin hulɗa haƙuri da hujja, ba ya tsaya yana cewa daga sama aka ce ba.

Kuskure na biyu daga tausayi yake fitowa. Kashiya ya shigar da ajiyar wani dattijo, ya ga an rubuta Pending a gefenta, dattijon kuma yana jiran saƙon waya bai shigo ba. Sai kashiya ya sake shigarwa don hankalin Baba ya kwanta. Ta farkon ba ta ɓata ba, layi take bi, don haka duka biyun za su isa hedikwata, kuɗi ɗaya ya zama biyu a lissafi. Wasiƙar da ba ta ce "kada a sake shigarwa" da baƙin rubutu ba, ta bar baya da ƙura. Haka nan kada a goge manhajar ko a sake ɗora ta, domin duk abin da ke jiran tafiya a cikin wannan kwamfutar kaɗai yake zaune. Kada kuma a taɓa agogonta: wasu manhajojin, idan gyara biyu suka yi karo, na ƙarshe a lokaci suke ɗauka.

Bayan dawowar sabis akan ba rassa lokaci bi da bi, kada su yi wa sabuwar na'ura rubdugu. Manaja ya zuba ido har adadin Pending ya sauka zuwa 0, sannan ya ɗauko littafin da aka umarce shi ya riƙa rubuta kowace mu'amala da hannu. Idan littafi ya nuna 37, hedikwata ta ce 38 ta karɓa, an shigar da wata sau biyu. Idan 36 ce, ɗaya ta maƙale. Ya gwada jimillar kuɗin ma, domin adadi yana iya dacewa kuɗi bai dace ba. In ya ga bambanci, kada ya gyara da kansa. Ya kira lambar da ke ƙasan wasiƙar, da littafin buɗe a gabansa.