Me Lambar Da Ke Jikin Kwalin Gem Take Nufi?

Duk wanda ya taɓa sayen faifan gem zai ga wata lamba ko harafi a kusurwar kwalin daga ƙasa. Iyaye da yawa suna ɗauka ma'aunin wahalar wasan ne, alhali shekarun da ya kamata yaro ya kai kafin ya ga abin da ke ciki ake nufi. Shi ya sa wasan ƙwallo na FIFA 23 yake ɗauke da lamba 3, duk da cewa ɗan shekara uku ba zai iya buga shi ba.

Alamomi iri biyu aka fi gani. Na Turai, wato PEGI, ya fara aiki a 2003, kuma lambobinsa biyar ne: 3 da 7 cikin launin kore, 12 da 16 ruwan goro, sai 18 ja. A bayan kwali akwai ƙananan zane da ke faɗin dalili: dunƙulen hannu na nufin faɗa, gizo-gizo abin tsoro, sirinji kuwa miyagun ƙwayoyi. Na Amurka, ESRB, haruffa yake sakawa: E na kowa, T daga shekara 13, M daga 17, AO kuma manya zalla. An kafa shi a 1994, bayan Majalisar Dattawan ƙasar ta yi zama kan zubar da jinin da ke cikin Mortal Kombat.

To, yaya ake ba wasa alamarsa? A tsarin ESRB, kamfani ne ke cike takardar tambayoyi, ya haɗa da bidiyon da ke nuna yadda wasan yake da wuraren da suka fi muni. Ƙwararru aƙalla uku suna kallo su ba da shawarar matakin da ya dace. Ba sa buga wasan daga farko har ƙarshe, don haka aikin ya rataya ne a kan gaskiyar kamfanin.

An ga illar haka a kan Grand Theft Auto: San Andreas, wanda ya fito a 2004 da alamar M. A 2005 aka gano wani ɓangare na batsa da aka toshe amma aka bar shi cikin faifan. A watan Yuli na shekarar ESRB ta mayar da shi AO, manyan kantuna suka kwashe shi daga kanta, sai da kamfanin Rockstar ya cire ɓangaren ya sake buga faifan kafin M ta dawo.

Alamar tana da iyaka. Ba ta auna maganganun da baƙi za su yi wa yaro idan yana wasa ta intanet. Sannan ma'aunin Turawa ne: abin da suka ga ya dace da ɗan shekara 12 ba lallai ya dace da tarbiyyar gidanka ba. Kafin ka biya kuɗi, juya kwalin ka duba zanen baya, in ya fara wasan kuma ka zauna ka kalla tare da shi.