Sifika shida a falo, biyu ne kawai ke magana: duba saitin talabijin

Mutum ya kashe kuɗi ya sayi amfilifaya mai sifika shida, ya jona akwatin kallon finafinai ta intanet, amma sifikun baya sun yi tsit. Kafin a zargi mai shago ko a sauya waya, a fara duba talabijin, domin galibi a nan sautin ke maƙalewa.

A yawancin gidaje akwatin na shiga talabijin ta HDMI, sannan talabijin ta miƙa sauti ga amfilifaya ta kafar ARC ko ta wayar haske. Wato talabijin ce a tsakiya. Idan an saita fitar sautinta a kan PCM, sai ta haɗe layuka shida na tsarin 5.1 su koma biyu, hagu da dama. Dalili shi ne ARC da wayar haske ba sa ɗaukar PCM fiye da layi biyu. Layuka shida na wucewa ne kawai a dunƙule, kamar Dolby Digital.

Gyaran farko shi ne a umarci talabijin ta bar sautin ya wuce yadda ya zo. A talabijin ɗin LG, a nemi Digital Sound Output a zaɓi Pass Through. A sababbin Samsung, sunan wurin Digital Output Audio Format, a zaɓi Pass-Through ko Auto.

Sai dai wani lokaci hakan bai isa ba. Ɗauki misalin Apple TV 4K da aka jona da talabijin mai ARC kawai. Wannan akwati yakan warware sautin da kansa, ya aika shi a matsayin PCM. Tunda ARC layi biyu kaɗai yake ɗauka a wannan tsari, sautin baya ya ɓace ke nan, ko da an gyara saitin talabijin. Maganin yana cikin akwatin: a shiga Settings, sai Video and Audio, sai Audio Format, a kunna Change Format, a zaɓi Dolby Digital 5.1. Amma da wannan zaɓi ba za a samu Dolby Atmos ba. Idan talabijin da amfilifaya duka suna da eARC, ba a buƙatar wannan sauyi, domin eARC na ɗaukar PCM mai layuka da yawa. A dai tabbatar an kunna shi a saitin talabijin.

Yaya za a gane an dace? Kada a dogara da kunne, don wasu amfilifayoyi kan baza sautin layi biyu a dukkan sifiku. A kunna fim mai alamar 5.1 a Netflix, sannan a dubi fuskar amfilifaya ko bayanin sautin da ke shigowa. Idan ta nuna Dolby Digital, an dace. Idan PCM mai layi biyu ne, da sauran aiki. Yawancin bidiyon YouTube layi biyu ne, ba su dace da gwaji ba.

Idan duk ya faskara kuma amfilifaya na da kafar shigar HDMI, a jona akwatin kai tsaye da ita, ita kuma ta tura hoto zuwa talabijin.